Cinikin Biri a Sama: Me Ya Sa Sayen Ƙuri'a Ya Ƙi Mutuwa?

Duk ɗan kasuwar da ya san ciwon kansa ba zai biya kuɗin kayan da ba zai gani ba, ba zai iya ƙirgawa ba, kuma ba shi da kotun da zai kai ƙara idan aka cuce shi. Amma irin wannan cinikin ne ɗan takara yake yi duk lokacin da ya miƙa wa mai zaɓe ambulan. Mai zaɓen zai karɓa, ya yi godiya, ya shiga ɗan killataccen wurin da ba mai ganinsa, ya dangwala wa wanda ransa ya so. Idan ya saɓa alkawari ba wanda zai sani, ko an sani ma ba abin da za a yi masa a gaban shari'a, domin cinikin tun asali haramtacce ne. Cinikin biri a sama ke nan. Duk da haka ana yinsa a Ajantina da Indonesiya da Kenya da Najeriya, kuma a wurare da dama ƙaruwa yake yi yayin da gasar zaɓe take ƙara zafi. Wannan shi ne abin da mai nazarin siyasar ƙasashe zai warware, kuma amsar da aka fi saurin bayarwa, wato talauci da jahilci, ba ta kai mutum ko rabin hanya.

Da farko sai a raba abubuwa biyu da ake yawan cuɗawa. Akwai siyasar ubangida, akwai kuma sayen ƙuri'a. Siyasar ubangida doguwar hulɗa ce tsakanin mai hali da mai buƙata: yau ya biya maka kuɗin asibiti, gobe ya sama wa ɗanka gurbin aiki, jibi ya fito da ƙaninka daga hannun 'yan sanda, kai kuma ka saka masa da goyon baya, wanda ƙuri'a ɗaya ce kawai daga cikinsa. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau, ya yi bayani mai tsawo a kan barantaka, yadda bara ke jingina da ubangida don samun kariya da ci gaba tun kafin a san akwatin zaɓe. Shi kuwa sayen ƙuri'a ciniki ne na sha yanzu magani yanzu, kuɗi ko taliya ko atamfa a jajiberin zaɓe, kuma sau da yawa mai bayarwa da mai karɓa ba za su sake haɗuwa ba sai bayan shekara huɗu.

Abin da ya haɗa su shi ne sharaɗi. Idan gwamnati ta gina asibiti a gari don mutanen garin su so ta, wannan siyasa ce ta yau da kullum, domin ɗan adawa ma zai kai matarsa haihuwa a can. Idan kuwa aka ce takin zamani ba zai isa hannunka ba sai shugaban mazaɓa ya shaida cewa kai namu ne, to an shiga siyasar ubangida. Wanda bai riƙe wannan ma'auni ba zai wayi gari yana kiran kowane aikin gwamnati sayen ƙuri'a, kuma daga nan nazarinsa ya watse.

To yaya ake tabbatar da sharaɗin alhali zaɓe na sirri ne? A Ajantina aka fi zurfafa wannan muhawara, saboda jam'iyyar Peron ta shafe shekaru tana riƙe da unguwannin talakawa ta hannun dillalanta na unguwa. Javier Auyero ya zauna a wata unguwar marasa galihu a gefen Buenos Aires, kuma a littafinsa na 2001 ya nuna cewa dillalin nan ba baƙo ba ne da ke zuwa da jaka ranar zaɓe. Maƙwabci ne, shi ke samo magani da abinci da takardar aiki duk shekara, har mutanen da ke kusa da shi ba sa kallon abin a matsayin ciniki, suna kallonsa a matsayin zumunci da sakayya. Susan Stokes ta ɗora a kan wannan a 2005. A ganinta, sirrin zaɓe ba ya aiki sosai a inda kowa ya san kowa. Dillali ba ya buƙatar leƙa takardarka. Ya san taron da ka halarta, ya san wanda kake zama da shi, ya ga ko ka iya haɗa ido da shi washegari. Tunda kuma za ka sake buƙatarsa a wata mai zuwa, tsoron rasa shi ya isa ya tsare ka. Ta ce a nan lissafin dimokuraɗiyya ya juye: maimakon mai zaɓe ya riƙa bin diddigin ɗan siyasa yana hukunta shi, ɗan siyasa ne ke bin diddigin mai zaɓe.

Sai dai wannan bayani ya zo da wani hasashe da bai tabbata ba. Idan manufar ita ce juya ra'ayi, ya kamata kuɗin ya tafi ga masu kokwanto, waɗanda ba su nan ba su can, domin ba wa ɗan gida asara ce, shi ko ba a ba shi ba zai zaɓe ka. Da Simeon Nichter ya sake duba alƙaluman Ajantinan nan a 2008, sai ya ga cewa mafi yawan masu samun rabon magoya bayan jam'iyyar ne tun asali. Ya kawo wata fassara mai sauƙi wadda duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe zai gane: abin da ake saye fitowa ce. Ba ka iya ganin wanda mutum ya zaɓa, amma kana iya ganin ko ya zo layi, kana iya ganin tawada a yatsansa. Mai goyon bayanka da zai tafi gona ko kasuwa ranar zaɓe, idan ka biya masa kuɗin mota da na cefane, ka sami ƙuri'a ba tare da ka karya sirrin kowa ba. Akwai kuma kishiyar wannan, a biya magoya bayan abokin hamayya su zauna a gida, ko a karɓe katunansu na zaɓe har sai an gama.

Daga baya Stokes da abokan aikinta uku, a littafinsu na 2013, suka ƙara wani ɓangare da ya fi kowanne kama da abin da muke gani: dillalin kansa yana da tasa buƙatar. Shugaban jam'iyya yana son a kai kuɗi ga masu kokwanto, shi kuwa dillali yana son ya tara jama'a masu yawa da araha don ya burge na sama, kuma ba wanda ya fi araha kamar wanda dama naku ne. Saboda haka sai ya raba wa 'yan gida, ya soke sauran a aljihu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai hanya ta uku ta ɗaure mai zaɓe, wadda ba ta buƙatar ido ko kaɗan. In baki ya ci, ido kan ji kunya. A Paraguwai, Frederico Finan da Laura Schechter sun auna halin sakayya na mutanen karkara ta hanyar wasannin rabon kuɗi, sannan suka gano cewa dillalan siyasa sun fi kai kyauta ga waɗanda suka fi jin nauyin alheri, domin sun san halin kowa a ƙauyen. A wasu wuraren ana ƙara ɗaure wannan da rantsuwa. Ga kuma dabarun ranar zaɓe da muka sani, kamar ɗaga takarda a nuna wa wakilin jam'iyya kafin a jefa, ko ɗaukar hotonta da waya, abin da ya sa hukumar zaɓe ta Najeriya ta hana shiga wurin dangwale da waya tun daga zaɓen gwamnan Osun na 2018.

Duk waɗannan suna bayyana yadda ake rage yoyo. Ba su bayyana dalilin da ya sa ake ci gaba da zuba ruwa a kwandon da yoyonsa ya fi abin da yake riƙewa ba. Domin gaskiyar ita ce, a mafi yawan wuraren da aka auna, kuɗin ba ya juya mutane da yawa. Michael Bratton ya bincika zaɓen Najeriya na 2007, inda ya ga kusan mutum ɗaya cikin biyar ya ci karo da tayin sayen ƙuri'a, kuma karɓa a ci sannan a zaɓi wanda ake so abu ne da ya zama ruwan dare. Don ganin dalilin da ya sa ɗan takara mai hankali yake ci gaba da biya duk da sanin haka, babu ƙasar da ta fi Indonesiya koyarwa, domin a can an ga abin yana girma a idon kowa, kuma an san ranar da aka sauya dokar da ta hura shi.

Shugaban Indonesiya Suharto ya sauka a watan Mayun 1998, bayan shekaru fiye da 30 a kan mulki. A zaɓen majalisa na 1999, jam'iyya mutum yake zaɓa. Ita ce ke jera sunayen 'yan takararta, idan ta ci kujeru uku a mazaɓa sai ukun farko a jerin su shiga majalisa. A irin wannan tsari, ɗan takara ba ya wahalar da kansa wajen neman mai zaɓe ya san fuskarsa. Idan akwai wanda zai ba wa kuɗi, to shugabannin jam'iyya ne, don su ɗora shi a saman jeri. A watan Disambar 2008 Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci cewa kujerar da jam'iyya ta ci ta tafi ga ɗan takararta da ya fi samun ƙuri'un kansa, ko da shi ne na ƙarshe a jeri. An yi wannan da kyakkyawar niyya, don a ƙwace iko daga hannun iyayen jam'iyya a mayar wa talaka. Da shi aka yi zaɓen 2009 da na 2014 da waɗanda suka biyo baya.

Sakamakon shi ne, babban abokin hamayyar ɗan takara ya koma ɗan jam'iyyarsa. Tutarsu ɗaya, manufarsu ɗaya, shugabansu ɗaya, kuma su da yawa suna neman kujera ɗaya ko biyu. Da me zai bambanta kansa? Ba zai ce jam'iyyarsa ta fi ba, domin ita ce ta ɗan'uwan nasa. Abin da ya rage masa shi ne sunansa da alherinsa. Sai kowane ɗan takara ya kafa tasa rundunar dillalai, ba ta jam'iyya ba, mai hawa-hawa daga gunduma zuwa ƙauye zuwa layi. Dillalin ƙasa zai rubuto sunayen 'yan'uwa da maƙwabta da ya ce zai iya kawowa, a ƙirga, a cika ambulan daidai adadin, a raba a kwanakin ƙarshe. Mutanen ƙasar suna kiran rabon ƙarshe harin asuba, saboda a kan yi shi da sassafen ranar zaɓe. Edward Aspinall da abokan aikinsa sun bi 'yan takara a sassa da dama na ƙasar a zaɓen 2014 suka rubuta yadda abin ke gudana, shi kuma Burhanuddin Muhtadi ya auna shi da ƙuri'ar jin ra'ayi: tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na masu zaɓe sun ce an yi musu tayi, amma waɗanda kuɗin ya yi tasiri a zaɓinsu ba su wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba. Tazarar da ke raba mai ci da mai faɗuwa a cikin jam'iyya ɗaya kuwa sau da yawa ba ta kai haka ba, ko kusa.

Bari mu ƙaddara misali da lambobi na ƙirƙira, don lissafin ya fito fili. Jam'iyya za ta ci kujera ɗaya a wata mazaɓa, mutum biyu ne ke kan gaba wajen nemanta, kuma idan ba wanda ya raba komai na farko zai faɗi da tazarar ƙuri'a 1,500. Sai ya shirya ambulan 20,000. Dillalai suka riƙe kashi ɗaya cikin huɗu, wasu da sunayen bogi, wasu kuma dama suna yi wa ɗan takara biyu aiki a lokaci guda, saboda haka 15,000 ne suka isa hannun mutane. A cikinsu, 6,000 dama shi za su zaɓa. Wasu 7,000 sun karɓa sun zaɓi wani, ko ba su fito ba. Saura 2,000 su ne ambulan ta kawo da gaske. Ke nan kowace ƙuri'ar da ya samu ta ci masa ambulan goma, kuma tara cikin goman kuɗinsa sun bi ruwa. Amma ya ci zaɓe da tazarar 500. Ɗan kasuwa zai ce an tafka asara, ɗan siyasa kuwa ya sami kujera, domin a zaɓe ba a biyan na biyu komai.

Yanzu a koma wurin abokin takararsa. Shi ma ya iya wannan lissafin, kuma ba zai naɗe hannu ba. Ya fitar da nasa ambulan 20,000, ya jawo nasa 2,000. Tasirin ya kashe juna, sakamakon ya koma inda yake tun farko, sai dai kowannensu ya sayar da fili ko ya ci bashi. Da za su haɗu su rantse cewa ba wanda zai raba, da dukansu sun huta. Amma wanda ya cika rantsuwar shi zai faɗi idan ɗayan ya saɓa cikin dare, kuma ba wanda zai gane an saɓa sai bayan an ƙirga. Gaba kura, baya sayaki. Wannan ne ya sa 'yan takara da yawa suke tsine wa sayen ƙuri'a da bakinsu na gaskiya, sannan su je su yi. A ganina wannan shi ne ginshiƙin amsar: gasa ba maganin cutar ba ce a karan kanta. Inda jam'iyya ɗaya ke cinye komai, ba ta buƙatar biyan kowa da tsada. Inda ƙuri'a ɗari biyar ke raba gardama, a nan farashi ke tashi.

Da zarar an saba, sai ma'anar kuɗin ta sauya. Ba ya zama farashin ƙuri'a, yana zama kuɗin shiga fili. Mai zaɓen da ya karɓi ambulan huɗu daga mutum huɗu ba wanda ya saye shi. Zai zaɓa a cikin huɗun bisa abin da ya sani game da su. Amma na biyar da bai aiko da komai ba ya fita daga lissafi, ana ganinsa ko marowaci ko wanda bai shirya ba. Eric Kramon ya nuna irin wannan a Kenya, inda ake raba kuɗi a bainar jama'a, a taron gangami, ga mutanen da ɗan takara bai san sunansu ba balle ya bi diddiginsu. Rabon saƙo ne: ina da hali, hannuna a sake yake, kuma idan na hau za ku same ni. Mutumin da ko sisi bai samu ba, ya dai ji labari, shi ma saƙon ya isa gare shi.

A nan ne ya kamata a daina yi wa mai zaɓe kallon wawa. Tambayar da ke gabansa ita ce, maganar wa zan gaskata? Ɗan takara ya ce zai gyara ilimi da lafiya a faɗin ƙasa. Wannan alkawari sai ya bi ta majalisa da ma'aikata da 'yan kwangila kafin ya iso ƙauye, kuma mai zaɓe ya ga irinsa ya narke a hanya sau da yawa. Wani kuma ya ce ga buhun shinkafa yau, kuma ɗan garinku zan ɗauka aiki. Wannan ana iya gani, ana iya ƙirgawa, ana iya zuwa ƙofar gidansa a tuna masa. Da hanau gara mannau. Leonard Wantchekon ya gwada wannan a Jamhuriyar Benin a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa na 2001, da yardar 'yan takarar kansu. A wasu ƙauyukan da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, masu kamfen suka yi alkawarin abin da za a kawo wa yankin da mutanensa; a wasu kuma suka yi magana a kan manufofin ƙasa baki ɗaya. Saƙon farko ya fi kawo ƙuri'a, na biyun kuwa har rage wa wasu 'yan takarar ƙuri'a ya yi. Mata sun fi maza karɓar saƙon manufofin ƙasa, wataƙila domin guraben aikin da ake rabawa a siyasar ubangida galibi ba su ake ba wa ba.

Talauci yana da nasa rabon, amma sai an faɗi ta inda yake shiga. Naira dubu biyar ta fi nauyi a hannun wanda bai ci ba tun safe, wannan a fili yake. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne rashin madogara: idan yaro ya kwanta ciwo da tsakar dare, ko ruwa ya ƙare da rani, wa za a kira? A arewa maso gabashin Burazil, yankin da fari ke addaba, masu bincike sun raba tankunan tara ruwan sama ga wasu gidaje ta hanyar ƙuri'a, suka bar wasu. Mutanen da suka sami tanki sun rage zuwa roƙon 'yan siyasa, kuma shugabannin ƙananan hukumomi masu ci sun rasa ƙuri'u a inda tankunan suka yawaita. Ba wanda ya yi wa mutanen nan wa'azi a kan darajar ƙuri'a. Ruwansu ne ya daina bi ta hannun ciyaman. Wannan yana nuna wani abu mara daɗi: ɗan siyasar da ke cin moriyar tsarin ba shi da dalilin gina hukumar da za ta ba kowa haƙƙinsa ba tare da roƙo ba, domin ranar da ta tsaya da ƙafarta, ranar ya rasa makaminsa. Kuɗin da ya kashe a zaɓe kuma daga baitulmali zai fanshe, abin da ke ƙara raunana hukumar. Richard Joseph ya bayyana wannan da'ira a Jamhuriya ta Biyu ta Najeriya, a littafinsa na 1987, inda ake ɗaukar muƙami kamar gonar da aka ba mutum ya ci ya ciyar da nasa.

Wata 'yar faɗakarwa ga mai son kwatanta ƙasashe da alƙaluma: mutane ba sa faɗin gaskiya idan aka tambaye su kai tsaye. A Nikaraguwa, bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2008, kimanin kashi 2 cikin 100 ne suka amsa cewa an ba su wani abu don ƙuri'arsu. Sai masu binciken suka yi dabara. Suka karanta wa rabin mutanen jerin abubuwa huɗu da ake yi lokacin kamfen, ɗaya rabin kuma abubuwa biyar, na biyar ɗin shi ne ba da kyauta, suka ce kada ka faɗi wanne, faɗi guda nawa kawai ka gani. Bambancin matsakaicin amsar ɓangarorin biyu ya nuna kusan kashi 24 cikin 100. Saboda haka idan ka ga tebur yana cewa wata ƙasa ta ninka wata a sayen ƙuri'a, fara tambayar yadda aka yi tambayar, da kuma inda abin ya fi zama abin kunya.

Shin yana ƙarewa? Ya taɓa ƙarewa. Birtaniya ta ƙarni na 19 ta yi ƙaurin suna wajen sayen ƙuri'a da kuɗi da giya, har majalisa ta ƙwace wa garin Sudbury kujerunsa a 1844, ta yi wa St Albans haka a 1852. An kawo zaɓen sirri a 1872, amma hakan bai kashe cinikin ba: bayan zaɓen 1880 binciken da aka yi a Macclesfield da Sandwich ya bankaɗo cin hanci mai yawan da ya sa su ma suka rasa kujerunsu. Dokar 1883 ce ta ɗora iyaka mai tsauri a kan kuɗin da ɗan takara zai kashe, ta kuma sa laifin wakilinsa ya iya cinye masa kujera. A daidai lokacin, dokokin 1867 da 1884 sun faɗaɗa yawan masu zaɓe ƙwarai, albashi na ƙaruwa, jaridu masu araha sun bazu, mutane sun koma zaɓen jam'iyya da manufarta. Sayen mutum ɗaiɗai ya yi tsada, isar da saƙo ga dubbai ya yi araha, kuma shugabannin manyan jam'iyyun ƙasar biyu sun gaji da dillalan da ke tatsarsu. Dokar ta yi aiki ne domin waɗanda za ta ɗaure sun riga sun so a ɗaure su tare.

Wannan ne ya sa nake shakkar duk maganin da ya tsaya a kan mai karɓa ko a kan takardar kuɗi. Dokar Zaɓe ta Najeriya ta 2022 ta tanadi tara da ɗauri ga mai bayarwa da mai karɓa, amma kama dillali da jakar kuɗi a rumfa ba ya taɓa wanda ya aiko shi. Sauya fasalin naira da aka sanar a watan Oktoban 2022 ya jefa ƙasa cikin ƙarancin tsabar kuɗi har zuwa zaɓen Fabrairun 2023, sai rabon ya koma tura kuɗi ta waya da taliya da atamfa da sabulu, kuma ƙarancin ya sa 'yan kuɗi kaɗan suka fi da daraja a idon mai buƙata. Burazil ta bi ta wata hanyar da dokarta ta 1999, wadda jama'a suka tilasta da sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya: kotun zaɓe tana iya tsige ɗan takarar da aka tabbatar ya sayi ƙuri'a ba tare da jiran doguwar shari'ar laifi ba, kuma ɗaruruwan 'yan siyasa sun rasa kujerunsu ta haka. Hukuncin ya faɗa kan abin da aka kashe kuɗin dominsa, ya kuma mayar da abokin hamayya ɗan sandan da ba ya barci.

Ita kuwa Indonesiya ta sake duba tsarin nata. An kai ƙara gaban Kotun Tsarin Mulki ana neman a koma zaɓen jam'iyya zalla, ɗaya daga cikin hujjojin masu ƙarar shi ne tsarin zaɓen mutum ya haifar da siyasar kuɗi. A watan Yunin 2023 kotun ta ƙi, tana mai cewa siyasar kuɗi na iya faruwa a kowane tsari. A zaɓen jam'iyya zalla, shugabannin jam'iyya ake saye maimakon masu zaɓe. Da tsarin zaɓen mutum aka yi zaɓen 2024.